Karanta allon sa ido da sanin lokacin miƙa matsala gaba: jawabi ga sabbin ma'aikatan ɗaukar kira

Assalamu alaikum. Barkanku da asuba, ƴan'uwa, kuma barka da shigowa cikinmu. Ku matso da kujerunku kusa da babban allo, domin abin da za mu yi yau da ido ake koyonsa.

Wannan allo da ke jikin bango shi ne shafin `Problems` na Zabbix, manhajar da muke sa ido da ita a kan rezonmu gaba ɗaya, tun daga na'urorin da ke nan ofis har eriyoyin unguwannin Zariya, Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari a nan Maraɗi, da tashoshinmu na Tibiri da Madarumfa. Kowane minti ɗaya tana aika wa kowace na'ura ɗan saƙon gwaji, ta jira amsa. Idan na'ura ta yi shiru sau uku a jere, sai layi ya fito ɗauke da `Unavailable by ICMP ping`. Ku riƙe wannan lissafi: kafin ja ya bayyana a gabanku, mutanen unguwar sun riga sun yi kusan minti uku ba su da intanet. Shi ya sa wani lokaci waya kan riga allo yin ƙara. Mai kira ba ƙarya yake yi ba, allon ne bai iso ba tukuna.

Abu na farko idan ka zauna a kujera, kafin ma ka dubi launi, ka tabbata allon yana da rai. Dubi lokacin layin da ya fi sabunta, ka gwada da agogon wayarka, sannan ka sabunta shafin da hannunka. Shafin da ya daskare tun daren jiya zai nuna maka komai lafiya lau alhali rabin gari na kira. Sannan ka shiga `User settings` ka ga an sa maka lokacin Nijar. Mu muna gaba da `UTC`, wato agogon duniya, da awa ɗaya, rani da damina, ba ya canzawa. Wasu na'urorinmu da `UTC` suke rubuta rahotonsu, don haka in ka ga 13:05 a can, ƙarfe 14:05 ne a Maraɗi. Kuskuren awa ɗayan nan yakan sa injiniya ya yi ta tonon rahoto a inda babu komai.

Yanzu launuka. Matakan shida ne, amma huɗu za ku riƙa cin karo da su: `Warning` mai ruwan ɗorawa, `Average` mai ruwan lemo, sai `High` da `Disaster` da ke cikin ja. Ina roƙonku kada launi ya zama shi ne mai yanke muku hukunci. Launi ƙiyasi ne da muka saka wa na'ura tun ranar da aka girka ta, ba ta san wane ne ke bayanta ba. Eriyar shago ɗaya da mai shi ya kashe ya tafi masallaci za ta fito ja wur. Batirin tashar Tibiri da ke sauka a hankali zai fito ruwan ɗorawa kawai, alhali bayansa akwai abokan hulɗa sama da sittin. Wanne ya fi cancanta a tayar da mutum daga barci? Na biyun, nesa ba kusa ba.

Don haka kowane layi ka yi masa tambaya uku. Mutum nawa abin ya shafa? Tun yaushe? Yana ƙaruwa ne ko ya tsaya? Amsar ta farko tana cikin `Host`: sunan da ya fara da `CLI` na abokin hulɗa ɗaya ne, mai `SECT` eriya ce da ke ciyar da unguwa, mai `RELAIS` tasha ce sukutum, mai `CORE` kuma zuciyar rezon ce. Ta biyu tana cikin `Duration`. Ta uku sai ka buɗe zanen awon ka dubi awa uku da suka wuce, kada ka tsaya ga lambar yanzu kaɗai.

Bari mu daɗe kaɗan a kan batir, domin nan ne aka fi yin asarar da za a iya kaucewa. Tashoshinmu na aiki da batura masu bolt 48. Idan akwai wuta kuma caja na aiki, za ka ga awon yana zaune wajen 54. Da an ɗauke wuta zai faɗo kusa da 50, daga nan ya riƙa gangarowa. Wajen 43 na'urar kariya za ta yanke kayan don kada batura su lalace, tasha ta mutu ɗungurungum. Dokarmu ita ce, da ka ga ya sauka ƙasa da 48 kuma layin zanen na ci gaba da yin ƙasa, ka kira, ko da babu mutum ɗaya da ya yi ƙorafi. Ma'aikacin fili yana bukatar lokacin neman mai, ɗora gurup a mota, da kama hanya, ga shi a damina hanyar ba ta da tabbas. A watan Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke kai intaha, batura kan gaji da wuri. Wanda ya saba ɗaukar awa huɗu sai ka ga ya zube kafin uku. Kada ka dogara da abin da ya yi a watan sanyi.

Wani abin da ke ruɗa sabbin shiga shi ne lokacin da allo ya cika da ja lokaci guda, layi talatin ko arba'in. Kada hankalinka ya tashi, kuma kada ka buɗe tike, wato rahoton matsala, har arba'in. Jera su bisa lokaci, ka nemo wanda ya fara faɗuwa, sannan ka duba ko duk a bayan tasha ɗaya suke. Galibi uwa ce ta faɗi ta ja ƴaƴanta. Tike ɗaya za ka buɗe a kan uwar, ka rataya sauran kiraye-kiraye a jikinsa. In kuwa ka ga komai da komai ya yi ja, har da na'urar da ke ɗakin nan, amma wayoyi shiru kuma intanet ɗinka na tafiya, to mai yiwuwa na'urar sa idon ce ta rasa hanya. Wannan ma abin kira ne nan take, domin a wannan hali mun makance.

Game da ƙarfin sigina, lambobin na da alamar ragi a gabansu, kuma wanda ya fi kusa da sifili shi ya fi kyau. `-60 dBm` ya fi `-75 dBm` ƙarfi. Ana yawan juya wannan. Siginar da ta faɗi farat ɗaya bayan iska mai ƙarfi kuma ba ta dawo ba, alama ce eriya ta karkace, sai an hau an daidaita. Wadda ta sauka tare da ruwan sama mai ƙarfi a kan dogon layinmu, ta dawo bayan an ɗauke, ruwan ne ya raunana ta. Ka rubuta a tike, ka ci gaba da kallo.

Sai mai kai da komo, wato layin da ke fitowa ya ɓace, ya sake fitowa. Kowane karo minti biyu ne ko uku, don haka `Duration` ba zai taɓa nuna maka babbar lamba ba, kuma duk sanda ka ɗaga kai sai ka tarar ya warke. Ga mai shagon da ke tura kuɗi ta intanet a kasuwa, wannan ya fi yankewa gaba ɗaya ciwo, domin aiki na katse masa a tsakiya. Danna `History` ka ƙirga. Sau uku cikin awa ɗaya, a miƙa shi gaba.

Kafin ka miƙa, akwai ɗan gwajin da ya rataya a wuyanka, kuma bai wuce minti biyu ba. Ka sa adireshin na'urar da ake magana a kai a madadin na misalin nan:

```
ping -n 20 -w 1000 10.20.3.1
tracert -d -h 15 -w 1000 10.20.3.1
```

Na farko zai faɗa maka kashi nawa ya ɓace cikin ashirin ɗin da aka aika, na biyu ya nuna inda hanya ta tsaya. Kwafi sakamakon yadda yake ka liƙa a tike. Ka kuma duba ko akwai ɗan hoton sifana kusa da sunan na'urar. In akwai, aikin gyara ne da aka tsara, injiniyoyi sun san da shi.

Ga iyakokin lokaci, kuma suna manne a gefen kowane tebur. `CORE` ko `RELAIS` ya faɗi, wannan `P1` ne: ka kira injiniyan da ke bakin aiki cikin minti biyar, da murya. Saƙon rubutu ba kira ba ne, mutum na iya barci a kansa. Bai ɗauka ba, ka sake kira bayan minti biyar. Har yanzu shiru, ka wuce ga shugaban sashe kai tsaye, ba sai ka nemi izinin kowa ba. `SECT` ɗaya, ko abokan hulɗa biyar daga unguwa guda cikin rubu'in awa ko da allo bai nuna komai ba, `P2` ne, minti goma sha biyar. Mutum ɗaya `P3` ne, naka ne: duba wutarsa, wayar da ta sauko daga eriya, sake kunna na'ura, da ko kuɗinsa bai ƙare ba. Ya wuce minti talatin ba ka gano ba, miƙa shi. Sai dai asibiti, banki, da duk wanda sunansa ke ɗauke da `VIP`, su ana ɗaga musu mataki ɗaya sama ko da su kaɗai ne. Da yawansu mun yi musu alkawarin kashi 99.9 cikin ɗari, wanda a wata mai kwana 30 bai bar mana fiye da minti 43 na yankewa ba. In ka yi rabin awa kana shawara da zuciyarka, ka cinye mafi yawansa.

Na san abin da ke hana sabon ma'aikaci kira: kunya, da tsoron a ce ya tayar da babba ƙarfe biyun dare a kan abin da bai kai ba. Ku cire wannan daga ranku. Wanda ke bakin aiki an ware masa daren ne saboda kiranku, kuma a gidan nan ba a tuhumar wanda ya bi ƙa'ida ya kira. Abin da muke nema kawai shi ne ka kira da magana a shirye. “Rezo ya lalace” ba bayani ba ne. Ga yadda ake faɗa: “Ranka ya daɗe, daga ɗakin kira ne. `TIB-RELAIS-01` ya daina amsawa tun ƙarfe 1:42. Kafin nan batir ya sauka daga 50 zuwa 44 cikin awa biyu. Eriya uku na bayansa sun faɗi, mutum bakwai sun kira. Na yi gwaji, ashirin ɗin duka sun ɓace. Tike na buɗe.” Cikin rabin minti ya san gurup zai ɗauka, ba tsani ba.

Bayan kira, danna `Update` a kan layin, ka sa alama a `Acknowledge`, ka rubuta wanda ka kira da lokacin. Ma'anar alamar ita ce akwai mai riƙe da matsalar, don haka kada ka taɓa sa ta don kawai allo ya yi kyan gani. `Close problem` kuwa ba naku ba ne. Abokin hulɗa kuma ka gaya masa abin da ka sani, cewa an gano matsala a tashar unguwarsu kuma ma'aikata na kanta, za ka sake kiransa bayan minti talatin. Kada ka yi masa alkawarin lokacin gyara in ba injiniya ne ya ba ka ba, amma kiran da ka ce za ka yi, ka yi shi ko da babu sabon labari. In lokacin tashinka ya yi, ka zauna da mai karɓarka ku bi layukan da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin ka ɗauki makullin babur.

To, ku rabu biyu-biyu. Kowane tebur akwai hoton allo na wani dare a daminar bara, layi goma sha ɗaya ne a ciki. Ku nemo wanda ya fara faɗuwa, ku sa masa mataki, sannan ɗaya ya zama injiniya ɗaya ya kira shi. Minti goma gare ku, daga nan mu saurari teburin farko.