Jan kunne ga mutanen unguwa: takardar shaidar da ejan ke sayarwa

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na Nima da Mamobi. Kwamitin masallacinmu ne ya ɗora mini rubuta wannan, tun da na yi shekaru ina koyarwa a sakandare kuma takardun jarrabawa sun sha bi ta hannuna.

Dalilin rubutun wani yaro ne da duk muka san iyayensa, ba zan faɗi sunansa ba. Lissafi ya kayar da shi a WASSCE, ya samu F9. Wani mutum mai rataye da jakar fata ya same shi a tashar mota, ya ce shi ejan ne, yana da ɗan uwa a ciki, sidi 2,500 kawai zai mayar da F9 ta koma B3. Mahaifiyar yaron, mai sayar da koko da ƙosai, ta kwashe kuɗin adashinta ta tura ta Momo. Bayan kwana huɗu aka kawo takarda fes, an like ta da leda, har da hotonsa. Na riƙe ta da hannuna, kuma wallahi da ido kaɗai ba zan rantse cewa jabu ce ba. Da ya nemi shiga makarantar koyon jinya, ba takardar suka tsaya kallo ba. Lambarsa ta jarrabawa suka duba a wajen WAEC, sai ga F9 tana zaune inda aka bar ta. Lambar wayar ejan kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Abin da nake so kowa ya gane ke nan. Takardar da ke hannunka inuwa ce kawai, ainihin shaidar tana cikin kundin ofishin da ya ba da ita. Ejan yana da injin buga takarda, amma hannunsa ba ya kai wa ga kundin. Haka yake ga takardar WAEC, haka ga takardar haihuwa, haka ga digirin jami'a.

Tun kafin a ga takarda ana gane mutumin. Ba ya shiga ofis tare da kai, sai ya ce ka jira a gindin bishiya ko a wajen mai shayi. Kuɗi a lambarsa ta Momo za ka tura, sau da yawa ma sunan da ke fitowa a waya ba nasa ba ne. Ba rasit, in kuwa ka matsa sai ya yago maka wani daga irin littafin da ake sayarwa a Makola. Kullum cikin gaggawa yake, wai ogansa zai yi tafiya gobe. Babbar alama kuwa ita ce ya yi maka alkawarin abin da babu ofishin da ke yinsa: canza maki, rage shekaru biyar daga ranar haihuwa, ko digiri ba tare da ka taka aji ba. Abin kunya, mutanen gari "goro boyis" suke kiran irin waɗannan, da kalmarmu ta goro. Kada kuma a ruɗu don yana jin Hausa ko yana sallah a sahunmu.

A jikin takardar, a duba rubutun suna harafi-harafi, a duba ko akwai wurin da tawada ta fi duhu ko haruffa suka bambanta da na sauran layuka, a duba hatimi da sa hannu ko hoto ne kawai aka buga. A yi hattara da takardar da ta zo a like da leda tun daga hannun mai kawowa, don leda tana ɓoye wurin da aka kankare. Na taɓa ganin wadda aka rubuta wa shekarar 2003 ɗauke da A1 da B2, alhali Gana ba ta koma WASSCE ba sai 2006, kafin nan SSSCE ake yi, makinta kuma A zuwa F ne ba tare da lamba ba. Amma kada a dogara da ido, masu bugawa sun ƙware.

Gwajin da ba ya ƙarya mai arha ne. A sayi katin duba sakamako, a shiga ghana.waecdirect.org, a sa lambar jarrabawa da shekara da lambobin katin. Abin da ya fito a nan shi ne gaskiya. Ka shiga da kanka a wayarka, kada ka karɓi hoton allo da wani ya turo ta WhatsApp, don shi ma gyara shi ake yi.

Wanda takardarsa ta ɓace, ko gobara ko ambaliya ta ci ta, ya sani WAEC ba ta buga takarda ta biyu. Wata takardar tabbatar da sakamako take bayarwa a madadinta, kuma in makaranta ko ma'aikata ce ke nema, tana aika musu tabbaci kai tsaye. Ofishinsu yana Ridge, ba nisa daga nan. Don haka duk wanda ya ce zai fito maka da sabuwar orijinal, ya riga ya tona kansa. Wanda kuma ya faɗi darasi ɗaya ko biyu, ga jarrabawar masu zaman kansu da muke kira Nobdek. C6 da ka samu da guminka tana buɗe ƙofar jami'a.

Takardar haihuwa ita ta fi cin mutanenmu, musamman idan aikin Hajji ko fasfo ya taso. Na san dalili: mai suna Abdullahi ko Hajara yakan sha tambayoyin da wasu ba sa sha, sai zuciya ta ce gara a biya wani ya wuce gaba. To amma takardar jabu ƙara wa wannan zargi ƙarfi take yi, ga kai ga sauran 'yan zango. Rajistar jariri kyauta ce kafin ya cika shekara ɗaya, a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, kuma jami'ansu kan zauna a manyan asibitoci. Iyaye mata, a ajiye katin awon jariri da kyau, yana taimako ƙwarai. Babban da ba a yi masa rajista ba ya je da ƙafarsa, ya biya kuɗin hukuma ta hanyar da ofishin ya nuna masa, irin Ghana.gov, ya karɓi rasit. Gyaran suna ana yinsa ne da takardar rantsuwa da bugawa a gazet ɗin gwamnati.

Game da digiri da difloma, kafin a biya kuɗin makaranta a tambayi GTEC, hukumar da ke kula da manyan makarantu tun 2020, ko ta amince da makarantar da kuma darasin.

Sai maganar da ejan ba ya faɗa. Dokar laifuka ta 1960 ba mai ƙera takarda kaɗai ta kama ba, har wanda ya miƙa ta yana sane da cewa jabu ce. Kuma sunanka da hotonka ne a jiki, ba nasa ba. Akan kori ɗalibi yana shekarar ƙarshe, akan sallami ma'aikaci bayan ya daɗe a bakin aiki.

Wanda ya riga ya biya, kada ya miƙa takardar ko'ina. Ya ajiye saƙon Momo da hirarsu ta waya, ya kai wa 'yan sanda. Wanda kuma yake shakkar takardar da ke hannunsa, ina zaune a barandar masallaci kowace Asabar bayan la'asar. A zo da lambar jarrabawa da kuɗin kati, mu duba tare, ba wanda zai ji. Wassalam.