Matasan Kofar Soro 2, Kofar Kaura 1

Alhamdu lillahi, maki uku sun shigo gida! Jiya Asabar da la'asar yaranmu suka doke Kofar Kaura da ci 2 da 1.

Baƙi ne suka fara zura ƙwallo a minti na 18, bayan sakacin 'yan baya. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci wasa ya sauya. Sani Dogo ya farke da ka a minti na 57 daga bugun kwana, sannan Auwalu ya yanke mutum biyu ya narka ta biyu a minti na 81. Amma gwarzon wasa gola Bashir ne, wanda ya tare fenariti ana dab da tashi, ƙura ta turnuƙe fili.

Wasa na gaba: Asabar mai zuwa da Kofar Marusa, ƙarfe 4:30 a filinsu. 'Yan unguwa, a fito da wuri.