Ma'aunin Bayar da Maki: Insha'in Muhawara, Ajin SS2, Zango na Biyu

Jinga: "Ya dace a hana 'yan mata talla a lokacin makaranta." Ɗalibi ya goyi baya ko ya yi suka, cikin kalmomi 300. Jimillar maki 50.

Malamai, mu uku ke koyar da wannan aji. A zangon da ya wuce na ga takardu biyu masu kama da juna, ɗaya ta samu 38, ɗaya 24, don kawai hannun da ya duba su daban ne. Yarinyar da ta samu 24 ta zo ofis tana tambayar inda ta kasa, ban samu abin da zan nuna mata ba. Shi ya sa na rubuta wannan. A karanta wa ɗalibai shi a aji kafin su soma rubutu, a kuma manna kwafi a jikin allo.

Matakai huɗu ne a kowane sashe: Madalla, Da kyau, Da dama-dama, Da sauran aiki.

Hujja (maki 20)

Madalla, 17–20: tun sakin layin farko an san ɓangaren da ɗalibi ya tsaya. Ya kawo hujjoji uku ko fiye, kowace da misalin da ake gani da ido, kamar yarinyar da ke yawo da farantin gyaɗa a tasha ƙarfe tara na safe alhali 'yan ajinsu na darasin lissafi. Ya kuma ɗauko maganar ɗaya ɓangaren, cewa da ribar tallar wata uwar ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ya ba ta amsa.

Da kyau, 13–16: matsayi a fili, hujjoji uku da misalai, amma bai waiwayi masu ja da shi ba, ko ya ambace su ya wuce.

Da dama-dama, 9–12: hujja ɗaya ko biyu ake ta juyawa. "Talla ba ta da kyau saboda tana ɓata tarbiyya", ba a faɗi ta yaya ba.

Da sauran aiki, 0–8: ba a gane ɓangarensa ba, ko ya saki batu ya kama labari.

Hujja muke aunawa, ba ra'ayin malami ba. Wanda ya kare talla da dalilai masu ƙarfi ya cancanci 20, ko da ranmu bai so matsayinsa ba. Insha'in da bai kai kalmomi 150 ba kuwa, kada ya haura 12 a nan.

Tsari (maki 10)

9–10: akwai gabatarwa, gundarin bayani da kammalawa, kowace hujja da sakin layinta, ɗaya na miƙa wa ɗaya. 7–8: sassan sun cika, sai dai wani sakin layi ya cakuɗa hujjoji biyu. 5–6: babu gabatarwa ko babu kammalawa. 0–4: rubutu dunƙule guda daga sama har ƙasa.

Sarrafa harshe (maki 10)

9–10: daidaitacciyar Hausa, jimloli dogaye da gajeru, kalma ta zauna inda ya kamata. 7–8: ana fahimta sarai, amma ana maimaita kalmomi. 5–6: Ingilishi ko karin harshen gida ya yawaita, irin "shina" a madadin "yana". 0–4: sai an karanta jimla sau biyu kafin a gane ta. Karin magana na ƙara armashi idan ya dace da wurin. Wanda aka cusa don burgewa ba ya jawo ko maki ɗaya.

Ƙa'idojin rubutu (maki 10)

Nan muka fi saɓani, don haka ƙidaya za mu yi. Kuskure 0 zuwa 4, maki 9–10. Kuskure 5 zuwa 10, maki 7–8. Kuskure 11 zuwa 20, maki 5–6. Sama da 20, maki 0–4. Abin da za a ƙidaya: barin ƙugiya, har "ɓata" ta koma "bata", "ƙasa" ta koma "kasa", raba abin haɗewa, kamar "ya na", haɗe abin rabawa, kamar "zata" a maimakon "za ta", rikita "akan" da "a kan", manta aya, waƙafi ko babban baƙi. Kuskure a kalma guda, ko sau goma ya maimaitu, ɗaya ne. Munin rubutun hannu ba kuskure ba ne muddin ana iya karantawa.

Wanda ya kwafi aikin wani ba shi da maki sai ya sake, shi da wanda ya ba shi.

Ranar Litinin bayan an tashi, mu haɗu a ofishin malamai mu duba takardu uku tare, kowa ya ba da makinsa a ɓoye sannan mu kwatanta. Inda tazara ta wuce maki 5, mu tsaya mu daidaita. A ƙasan kowace takarda a rubuta makin sassa huɗun daban-daban, da jimla ɗaya da ke gaya wa ɗalibi abin da zai gyara ya hau mataki na gaba.

Shugaban Sashen Hausa