Jawabin Yaye Ɗaliban Ɗinki da Zanen Tufafi a Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, manyan baƙi, sannunku da zuwa. Ƴaƴana ku 24 da ake yayewa yau, barkanku da ganin wannan rana.

Shekara biyu kun koyi awo, yanka da taka keke, kuma takardar da za ku karɓa shaidar hannu ce. Abin da ya rage shi ne ido. A Kasuwar Dole tela ba ya ƙaranci, amma wanda ke hango kuskuren rabin santimita kafin mai kaya ya gani, shi ake bin layinsa tun azumi bai raba tsakiya ba. Shi kuwa ido horar da shi ake yi.

Ku fara da juya riga. Duk tufar da ta burge ku, ku nemi izini ku duba cikinta. Nawa aka bari a bakin ɗinki? Santimita 1.5 shi ne daidai ga yawancin kaya; wanda ya bar rabin santimita don rowar yadi, wanki uku sai gefen ya zare. Ku ƙirga taku: ɗinkin yau da kullum milimita 2.5 ne, wato taku huɗu a santimita guda. In kun ga layi ya tattare, kada ku ɗora wa yadi laifi. Ko zaren sama ya yi tauri fiye da na kwarkwaro, ko allura ta dakushe, ko an sa lamba 100 a yadi mai laushi da ke son lamba 70.

Atamfa tana da tata shari'ar. Kafin almakashi ya taɓa turmi, ku shimfiɗa shi, ku ja baya taku uku. Ina zanen ya fuskanta? Fure ko tsuntsu ba ya tafiya kai ƙasa a bayan riga alhali a gaba yana tsaye. Ina babban zanen zai faɗa a jiki? Ku sa masa alli a tsakiyar gaba, ku tabbatar ya haɗu a gefe da wajen zif, ko da hakan zai ci ƙarin rabin yadi. Ku gaya wa mai kaya tun farko, ta san dalili. Siket mai buɗewa kuwa, wanda aka yanka a karkace, ku rataye shi kwana guda kafin ku kalmashe ƙasa, domin sashen karkacen yakan saki, ƙasan ya fito wani gefe ya fi wani.

Shadda ba ta yafiya. Inda allura ta shiga, ramin na nan ko an farke, ruwa kuma yana kashe ƙyallinta. Saboda haka ku gwada zare da taku a ƙyalle tukuna, ku yi guga ta ciki.

Jikin mutum ma abin karantawa ne. Mutane da yawa kafaɗarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, shi ya sa wuyan riga ke zamewa gefe ko da awon ya yi daidai. Ku auna kowace kafaɗa dabam. Ranar gwaji ku sa mutum ya zauna, ya ɗaga hannu, ya sunkuya kamar zai yi ruku'u. Ƙunci a hammata a nan yake bayyana.

To, salo fa? Hoton waya kowa na da shi, tela goma za su kwafi riga guda a mako guda. Ku abin da ke gabanku ya ishe ku. Ku shiga Birni da safe, lokacin da rana ke bugun bango a karkace, ku dubi zanen da magina suka fitar a ƙofofin zaure. Ku tsaya ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ku ga yadda aska takwas ke zama a ƙirjin babbar riga, da yadda dukawanmu ke haɗa jar fata da kore. Alphadi, mai zanen tufafin nan ɗan Nijar, ya kafa FIMA, bikin nuna tufafin Afirka, a 1998 cikin hamadar Agadez, duniya ta zo kallo, kuma kayan gida ya ɗauka ya sarrafa.

Ga aikin da nake roƙon ku riƙe. Ku sayi ƙaramin littafi. Kullum ku zana abu ɗaya tak, bakin hannu, ko aljihu, ko tazarar maɓalli, ku rubuta awonsa da abin da za ku sauya. Bayan wata uku ku buɗe daga farko. Za ku tarar akwai abin da hannunku ke yawan komawa gare shi, wataƙila siririn layin zare a wuya, wataƙila launi biyu da kuke son haɗawa. Wannan shi ne naku. Ku riƙe abu ɗaya ko biyu, ku rage sauran. Rigar da ta tara surfani, duwatsu da leshi gaba ɗaya ido ba ya samun wurin sauka a kanta.

Kafin kowane kaya ya bar shago, ku fito da shi hasken rana, ku yanke zaren da ya leƙo, ku ja zif sau uku.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya saka wa iyayenku da alheri. Yanzu duk wanda ya ji sunansa ya taso ya karɓi takardarsa.