Wasiƙa zuwa ga iyaye a kan yadda muka raba yara azuzuwa a bana

Ofishin Shugabar Makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.
Litinin, 22 ga Satumba, 2025.

Iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon yaranmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na rubuto ne a kan sunayen da muka liƙa a jikin allon sanarwa ranar Alhamis da ta wuce. Tun daga ranar ƙafa ba ta ɗauke daga ofishina ba. Wani ya zo tambaya, wani ya zo da ɓacin rai, wata uwa kuma har da hawaye don ta ga ɗanta a aji 3C. Tunda ba kowa zan iya zama da shi ba, ga bayanin a rubuce. Wanda takardar ta iso hannunsa, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, musamman iyaye mata da ke cikin gida.

A makarantar nan, A ba ajin masu ƙoƙari ba ne, C kuma ba ajin waɗanda aka yanke wa ƙauna ba ne. Na san a makarantu da yawa haka aka saba, wasunku ma a irin wannan tsarin suka yi karatu, shi ya sa ban ga laifin wanda hankalinsa ya tashi ba. Mu dai a bana A da B da C sunayen ɗakuna ne kawai.

Dalilin sabon rabon shi ne ɗakuna uku da aka gyara mana lokacin hutu, aka sa rufi da tagogi da benci. Bara aji uku yara 93 ne a ɗaki guda. Na bayan ba sa ganin allo, malama kuma sai ta cinye kusan rabin darasin farko tana kiran suna. Da muka samu ɗakunan, sai muka ƙara wa aji biyu da aji uku da aji huɗu ɗaki ɗai-ɗai, don su suka fi cunkoso. Yanzu yaran aji uku su 186 sun rabu gida uku, 62 a kowane ɗaki. Har yanzu da saura, domin tsarin ilimi na ƙasa yara 35 ya ɗora wa malami ɗaya a firamare, amma malamar da ke da yara 62 tana iya duba littafin kowa a mako. Aji ɗaya sababbin ɗauka ne, bisa shekarunsu muka jera su. Aji biyar da shida ba mu taɓa su ba, sai yara kaɗan da iyayensu sun riga sun sani.

Ga yadda aka yi rabon. A makon farko da na biyu malamai sun zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba jarrabawar taro ba wadda yaro zai leƙa takardar na kusa da shi. Ana miƙa masa kati mai ɗan gajeren sakin layi na Hausa. In ya karanta ba gargada, sai a ba shi labari a yi masa tambaya biyu a kansa. In ya kasa, a koma kalmomi, irin su “gida” da “kifi” da “tulu”. In nan ma ya tsaya, a koma baƙaƙe da wasula. Inda yaro ya tsaya, nan malami yake sa alama. Haka aka yi a Turanci, haka a lissafi, daga gane lambobi zuwa tarawa da ɗebewa, sai ninkawa da rabawa ga 'yan aji huɗu. Ba a yi wa kowa tsawa ba, kuma yaron da kunya ta hana shi buɗe baki an sake kiransa washegari gaban malamin da ya saba da shi. Yaran da ba Hausa ake yi a gidajensu ba, masu Nufanci ko Yarbanci ko Fulatanci ko Gwaranci, an yi musu bayani a tsanake har suka gane abin da ake so.

Muka haɗa wannan da sakamakon zanguna uku na bara, wato gwaje-gwajen aji da jarrabawar ƙarshen zango, muka jera yaran kowane aji daga sama zuwa ƙasa. Daga nan sai rabo: na farko ya tafi A, na biyu B, na uku C. Sai mu juyo da baya, na huɗu C, na biyar B, na shida A, a haka har sunaye suka ƙare. Mata jerinsu daban, maza daban, don kada wani ɗaki ya cika da maza zalla. Saboda haka kowane ɗaki yana da masu karanta labari tiryan-tiryan, yana da masu haɗa baƙi, yana da waɗanda har yanzu ba su rarrabe b da d. Yarinyar da ta zo ta uku a duk aji uku tana 3C yanzu haka. A ɗakin malamai aka yi aikin, gaban mutum biyu daga kwamitin kula da makaranta da wakiliyar ƙungiyar iyaye da malamai, kuma dukansu sun sa hannu a takardar.

Wani uba ya tambaye ni me zai hana a tara masu ƙoƙari wuri guda su yi ta gaba. Tambaya ce mai kyau, kuma na san don kishin ɗansa ya yi ta. Na daɗe a aikin nan, na ga abin da tsarin ke haifarwa. Ajin da aka tara waɗanda aka bari a baya, tun zangon farko yaran ke gane sunan da ake kiransu da shi a filin wasa. Babu wanda zai ɗaga hannu ya ba da amsa sauran su ji, malami ya yi ta magana shi kaɗai har gwiwarsa ta yi sanyi. Kafin shekara ta ƙare sai ka ga an fara fashi, yarinya ta koma talla, yaro ya koma garejin kanikawa tun bai iya rubuta sunansa ba. Mafi yawansu kuwa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Wani ciwo ya kwantar da shi zango guda, wani an kai shi ƙauye da damina bai dawo ba sai bayan girbi, wata kuma ba ta samun zuwa sai ta gama kai abincin sayarwa Kasuwar Barci. Ba zan iya rufe irin waɗannan yara a ɗaki ɗaya in ce na yi musu adalci ba.

Amma shi ma mai ƙoƙarin yana da hakki a kanmu, ba za mu sa shi zaman jira ba. Don haka kowace safiya, da an tashi daga taron safe, akwai awa ɗaya ta karatu da lissafi wadda yara za su bar ɗakunansu, kowa ya tafi rukunin da ya dace da inda ya tsaya a gwajin: masu baƙaƙe, masu kalmomi, masu sakin layi, masu labari. A nan za ku ga ɗan aji huɗu zaune da ɗan aji biyu, kada wannan ya dame ku. Da awar ta cika kowa ya koma ajinsa. Duk bayan mako shida za a sake gwaji, wanda ya ci gaba a ɗaga shi. In ɗanku ya dawo gida ya ce yana “rukunin baƙaƙe”, ku ƙarfafa masa gwiwa, kada a yi masa dariya gaban ƙannensa.

Akwai yaran da muka cire daga wancan jeri muka sa su da hannu. Yarinya mai keken guragu tana ɗakin da ke kusa da ƙofa, inda babu matakala. Masu matsalar ido ko kunne an ba su bencin gaba a wajen malaman da suka san halin da suke ciki. Tagwaye da 'yan gida ɗaya mun raba su, sai inda iyaye suka nemi a bar su tare, domin sau da yawa ɗaya ke amsawa ɗayan ya laɓe a bayansa. An kuma raba wasu yara da suka shekara suna faɗa. Waɗanda suka zo daga garuruwan da rashin tsaro ya tayar, ba su da takardar canjin makaranta ko katin sakamako, ba mu mayar da ko ɗaya gida ba. Shekarunsu da gwajin muka duba muka ba su aji.

Yara 17 za su maimaita aji. Faɗuwa jarrabawa kaɗai ba ta sa mun tsayar da kowa ba, sai wanda rajista ta nuna ya rasa fiye da rabin kwanakin shekara, kuma gwajin ya nuna ajin gaba zai fi ƙarfinsa. Na gana da iyayen kowannensu a keɓe, sunayensu kuma ba sa jikin allo. Ina roƙon sauran iyaye su ja wa 'ya'yansu kunne a kan tsokana.

Sai maganar da ta fi yi mini ciwo. Ta iso kunnena cewa wai sai da kuɗi ko sanayya ake shiga A. Babu wanda ya biya ko sisi, kuma ba wanda zai biya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas a makarantun gwamnati. Duk wanda ya nemi wani abu a hannunku da sunan canza wa yaro aji, malami ne ko maigadi ko wani da ya ce yana da hanya, ku zo ku gaya mini kai tsaye. In kun fi so, ku kai maganar ga shugaban kwamitin kula da makaranta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu.

Wanda yake son ganin takardar gwajin ɗansa, ƙofa a buɗe take ranar Talata da Laraba, daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana, har zuwa 8 ga Oktoba. Malamin aji zai nuna muku katin da yaron ya karanta da inda ya tsaya, in kuna so ma a sake gwada shi a gabanku. Takardar ɗanku kaɗai za ku gani, ban da ta ɗan maƙwabci. Za mu canza wa yaro ɗaki in akwai dalilin lafiya, ko tsangwama daga wani yaro, ko wata damuwa ta gida da ba mu sani ba. Son wata malama ko rabuwa da aboki ba zai isa dalili ba, don in muka buɗe wannan ƙofa ɗaki ɗaya zai koma cika maƙil kamar bara.

Taimakon da nake nema a wajenku shi ne yaro ya iso kafin ƙarfe 7:30, domin awar rukuni ita ce ta farko, mai makara ita yake rasawa. A ba shi abin kari ko yaya yake, da fensir da littafin rubutu. Da yamma, bayan Islamiyya ko bayan cin abincin dare, ku ce ya karanta muku abin da aka yi yau, ko da ku ba ku yi boko ba. Zaman da kuka yi kuna sauraronsa ma taimako ne babba.

Za mu yi taron iyaye da malamai ranar Asabar, 4 ga Oktoba, da ƙarfe 10 na safe a harabar makaranta. Malaman sababbin azuzuwa za su gabatar da kansu, za a kuma nuna muku katunan gwajin ku gani da idonku. Iyaye mata, an tanadar muku wurin zama a inuwa, kuma za a ba ku lokacin tambaya na musamman. Allah Ya raya mana yaran nan, Ya sa musu albarka.

Taku a kullum,
Shugabar Makaranta