Orem, Roy da Henderson: kwatanci da kuma wadda na ɗora a kan majinyaciyarmu

'Yan uwa ga abin da na haɗa mana na gabatarwar ranar Lahadi, ku duba kafin mu miƙa wa malama. Nazariyyar aikin nas guda uku aka ce mu kwatanta sannan mu ɗauki ɗaya mu yi aiki da ita a kan mara lafiya.

Ta Virginia Henderson ce mafi sauƙin riƙewa. Ta lissafa buƙatu 14 na ɗan Adam, numfashi, ci da sha, bayan gida, motsi, barci, tsafta, har da ibada da aiki da neman sani, tace aikin nas shi ne ta yi wa mutum abin da da kansa zai yi in da yana da ƙarfi ko niyya ko sani, har ya daina buƙatarta. Tana da kyau wajen ɗaukar bayani ranar da aka kwantar da mutum don ba ka manta komai, amma fa ba ta nuna maka wanne ya fi gaggawa, kai za ka yanke.

Callista Roy, wadda littafinta ya fito a 1976, ita mutum take kallo a matsayin mai ƙoƙarin sabawa da abin da ya faɗo masa, ta fuska 4: jiki, yadda yake ganin kansa, matsayinsa a gida da waje, sai dogaro tsakaninsa da mutanensa. Nas ta gano abin da ke dukansa kai tsaye, da na gefe, da tsofaffin abubuwan da ba a tabbatar da tasirinsu ba. Wanda aka yanke wa ƙafa ko aka ce masa kansa ce, nan Roy ta fi kowa.

Dorothea Orem kuma, wadda littafinta ya fito a 1971, tambayarta ɗaya ce: me jikin nan ke buƙata a yi masa, me mai jikin zai iya, giɓin da ke tsakani shi ne wurin nas. Ko nas ta yi komai, ko su raba aikin, ko ta tsaya a koyarwa da ƙarfafa gwiwa.

To majinyaciyarmu, mu kira ta Hajiya Ladi, shekara 58, haifaffiyar Makka, tana sayar da waina da kunu a unguwa. Ciwon suga shekara 9, an kwantar da ita da gyambo a tafin ƙafar dama wanda ita ba ta ma san yaushe ya fara ba saboda ƙafar ta daina ji, tana taka tayil ɗin tsakar gida da rana tsaka babu takalmi. HbA1c ɗinta 10.4, ido ya yi rauni, an mayar da ita kan insulin. Kunu da dabino da shayi mai suga kullum, kuma ta riga ta gaya mana azumin bana ba za ta sha ko ɗaya ba.

Na san wasunku Roy za su ce, tunda damuwarta wa zai riƙe sana'ar, kuma da gaskiyarku ta wani ɓangaren. Ni dai Orem na zaɓa, domin matar nan ta karɓi ciwonta tuntuni, ba ta musu ba ta kuka, abin da ya kawo ta gadon nan shi ne ba ta ganin lambar alƙalamin allura, ba ta iya leƙa tafin ƙafarta, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani da Hausa, duk da larabcin ma tana ji sarai amma na likitoci daban ne.

A kwanakin farko raba aiki za a yi: diresin, awon suga da allura namu, ci da wanka da alwala nata, a nuna mata yadda za ta kare bandejin daga ruwa. Daga nan a koma koyarwa, kuma a jawo 'yarta da suke gida ɗaya, Orem ta yarda wani ya ɗauki kulawar wanda ya dogara da shi. 'Yar ta saita allura ta duba ƙafa kowane dare har tsakanin yatsu, Hajiya ta yi wa kanta allurar tana sauya wuri, takalmi ko a cikin ɗaki, insulin da ba a buɗe ba a firij ba firiza ba. In suga ya sauka ƙasa da 70, rawar jiki da gumi, ta sha abu mai zaƙi da ke da suga kamar giram 15 a sake awo bayan minti 15. Maganar azumi kuwa ba mu za mu yanke ba, a haɗa ta da likita tun kafin Ramadan, amma ta sani in ya sauka haka tana azumi dole ta karya.

Awon nasara kafin sallama: ta yi allura a gabanmu daidai, ta faɗi alamomin saukar suga da bakinta, 'yar ta nuna duban ƙafa. Bayan sati 2 ta dawo kilinik da littafin awonta a auna gyambon, HbA1c kuma sai bayan wata 3.