Roƙon Keɓaɓɓen Banɗaki, Tsabtataccen Ruwa da Audugar Mata ga Ɗalibai Mata

13 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan an shiga sabon zango lafiya. Ni ce mariƙiyar ɗaya daga cikin ɗalibanka na aji biyu na ƙaramar sakandare, 'yar ƙanwata ce, shekararta 13, tana hannuna tun rasuwar mahaifiyarta. Na sakaya sunanta da gangan, domin na san takarda irin wannan takan bi ta hannu da yawa kafin a yanke shawara a kanta, kuma maganar da ke ciki ta shafi sirrinta. Idan mun haɗu zan faɗa maka ko wace ce.

A zangon da ya wuce, sakamakonta ya nuna ta yi fashin kwana 11. Ni kuwa na san ba ta yi jinyar da za ta kai haka ba. Da na duba ranakun sai na ga suna zuwa ne uku ko huɗu a jere, kusan kowane wata. Na zaunar da ita, aka daɗe ana kai-komo kafin ta buɗe baki, cikin kuka, ta ce wata rana jinin al'ada ya zo mata ana tsakiyar darasi, ya ɓata mata kayan makaranta, ta kasa tashi daga kan benci har aka tashi, sai da kowa ya watse sannan wata ƙawarta ta ara mata rigar sanyi ta ɗaura a ƙugu. Tun daga ranar, duk lokacin da ta ga alama, sai ta ce min kanta na ciwo. Laifina ne da ban gane da wuri ba, kuma na karɓa. Amma da na tambaye ta abin da ya hana ta shiga banɗaki ta gyara jikinta, amsar da ta ba ni ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Na zo da kaina na duba ranar karɓar sakamako. Banɗaki huɗu ne ɗalibai ke amfani da su, maza da mata, a gini ɗaya da ƙofar shiga ɗaya. Biyu ba su da ƙyaure sam, ɗaya yana da ƙyaure amma babu sakata, sai dai yarinya ta sa ƙawarta ta tsaya mata gadi a bakin ƙofa. Famfon da ke wajen bai kawo ko ɗigo ba, babu buta, babu sabulu, babu inda za a jefa abin da aka cire. Yarinyar da ta fara girma, wadda ko a gida ma tana ɓoye wannan abu ga 'yan'uwanta maza, ba za ta cire ƙunzugu a wurin da ɗalibi namiji zai iya leƙowa ba. Gara mata ta zauna a gida, ko ta daure da abin da ta sako tun safe.

Wannan dauriyar ce ta fi damuna. Masana lafiya suna ba da shawarar a riƙa sauya auduga bayan sa'a huɗu zuwa shida, yaranmu kuwa suna barin gida kafin ƙarfe bakwai da rabi, ba sa dawowa sai bayan ƙarfe biyu. Audugar da ta jiƙe ta daɗe a jiki tana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje da wari, tana kuma buɗe hanya ga ƙwayoyin cuta. Wasu yaran har ruwa suke ƙin sha tun safe don kada fitsari ya kai su wancan wuri, kuma riƙe fitsari na tsawon yini yana da nasa ciwon. Al'ada tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai, tana dawowa kusan kowane wata. Yarinyar da ke rasa kwana uku a wata, a shekarar karatu guda za ta rasa kusan makonni biyar na darasi, sannan a zaunar da ita jarrabawa ɗaya da wanda bai rasa ko yini ba, a ce ba ta da ƙoƙari.

Roƙona na farko shi ne a raba banɗakin mata da na maza gaba ɗaya, ƙofar shigarsa ta kalli wani ɓangare dabam, kowane ɗaki da ƙyaure da sakata ta ciki, da haske, da ƙusa ko ƙugiya da yarinya za ta rataye jakarta kada ta ajiye a ƙasa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 game da ruwa da tsabta a makarantu, an ba da shawarar banɗaki ɗaya ga kowace ɗaliba 25. A taron iyaye da malamai na ƙarshe ka shaida mana cewa ɗalibai mata sun kai 300, ke nan ana buƙatar 12. Na san ba za a gina wannan a zango ɗaya ba. Amma ware biyu daga cikin huɗun da ake da su, da sa musu ƙyaure da sakata, da ja musu katanga ko da ta langa-langa ce, aikin kafinta ne na kwana ɗaya ko biyu.

Sai ruwa. Waɗannan ƙa'idoji sun ambaci lita biyar a yini ga kowane ɗalibi na makarantar jeka-ka-dawo, don sha da wanke hannu da sauran buƙatun tsabta. Kafin a gyara famfo, ina roƙon a ajiye duro mai murfi a cikin ɓangaren mata, a cika shi kowace safiya, a sa butoci da sabulu. Ina jaddada cewa ya kasance a ciki, domin yarinyar da za ta ratsa filin makaranta da buta a hannu kowa na kallonta ba za ta je ba. A haɗa da kwandon shara mai murfi, a kuma sa wanda zai riƙa kwashewa kullum, in ba haka ba audugar za ta ƙare a cikin masai ta toshe shi.

Game da audugar kanta, ba ina cewa makaranta ta ɗauki nauyin kowace ɗaliba duk wata ba. A shekarun farko al'ada ba ta da tsayayyen lokaci, takan zo ba shiri, kuma akwai gidajen da ba sa iya saye, yaransu suna amfani da tsumma wanda ba ya riƙe jini sosai. A ajiye kwali ɗaya a hannun malama mace wadda yaran suka saki jiki da ita, tare da siket biyu ko uku na canji, yarinya ta je ta karɓa ba tare da an rubuta sunanta a gaban jama'a ko an yi mata tambayoyi ba. Haka kuma a ja hankalin malamai maza cewa idan ɗaliba ta nemi izinin fita ana darasi, a bar ta ba sai ta faɗi dalili a gaban aji ba.

Ni ma zan sa hannu. Na yi magana da iyaye mata shida, mun amince za mu sayi ƙyaure biyu da sakatunsu, mu kuma kawo kwalin auduga na farko da zarar ka ba da izini. Ina roƙon ka sa wannan batu a cikin abubuwan da za a tattauna a taron iyaye da malamai mai zuwa, ka kuma ba ni lokaci cikin makon nan in zo mu zagaya wurin tare da kai da ɗaya daga cikin malamai mata.

Na gode da kulawarka. Allah ya taya ka riƙo.

Taka mai biyayya,
Hajiya Rabi,
mariƙiyar ɗaliba a aji biyu na ƙaramar sakandare